Sanarwar gwajin ido da masu ciwon ido ba su iya karantawa ba

Kwanakin baya matasan unguwarmu suka shirya gwajin ido kyauta, suka gayyato ma'aikatan lafiya, suka karɓi aron filin makaranta, suka yi hayar kujeru da rumfa. Aikin alheri ne, babu mai musu. Sai suka haɗa ɗan bidiyo na daƙiƙa 48 suka watsa a WhatsApp. Wani yaro mai murya mai daɗi ya tsaya gaban allo yana magana, kiɗa na tashi a bayansa, ga rubutu ruwan zinare yana shigowa yana fita a kan farin bango. A ƙarshe ya nuna allon da yatsa ya ce, “Ga rana, ga wuri, ga lambar da za ku kira, kamar yadda kuke gani a nan.”

Kawuna, wanda yanar ido ta kusa rufe masa ido ɗaya, ya saurari bidiyon sau uku. Ya ji ana maganar ido, ya ji kyauta ne, amma bai ji rana ba, bai ji wuri ba, domin ba a faɗe su da baki ba. Da ya kusanto da wayar kusa da fuskarsa, ruwan zinaren ya narke cikin farin. Ɗiyar maƙwabcinmu kuma, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama, ta ga rana da wuri a rubuce, amma ba ta san me za a yi a ranar ba, tunda kalmar “gwajin ido” a bakin yaron kawai ta fito. Bidiyo ɗaya, rabin saƙon a kunne, rabi a ido, sai mai duka biyun lafiya ne ya samu cikakke. Kawu bai je ba. Sai bayan sati ɗaya ya ji labari a majalisa.

Ra'ayina a nan shi ne: duk bidiyon da ke ɗauke da sanarwa ga jama'a, ko ta jana'iza ce, ko rigakafi, ko rajistar aikin Hajji, ko ɗaukar aiki, bai kammala ba sai an iya fahimtarsa da kunne kaɗai, an kuma iya fahimtarsa da ido kaɗai. Idan ya gaza ɗaya daga cikin biyun nan, to mai haɗa shi bai gama aikinsa ba, ko da hotunan sun yi kyau kamar na talabijin. Kuma gyaran ba ya cin ko sidi ɗaya. Na zauna da yaran muka sake wannan bidiyon a yamma ɗaya, da wayar da aka yi na farko da ita. Bari in faɗa muku abin da muka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Mun fara da launi, don shi ne mafi sauƙi. Mutane da yawa suna zaton idan launi biyu sun bambanta, to rubutu zai fito. Ba haka abin yake ba. Ido mai rauni ba ya dogara da cewa wannan ja ne wancan kore ne, yana dogara da cewa wannan mai haske ne wancan mai duhu ne. Akwai ma'aunin da ƙa'idojin WCAG na shafukan intanet suka tsayar, wanda ke auna tazarar haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa. Ma'aunin yana farawa daga 1, wato babu tazara ko kaɗan, ya ƙare a 21, wato baƙi ƙirin a kan fari fat. Rubutu na yau da kullum ana so ya kai 4.5 ko fiye, manyan haruffa kuma aƙalla 3.

To ruwan zinaren da yaranmu suka zaɓa, wanda lambarsa a manhaja `#FFD700` ce, a kan fari bai wuce 1.4 ba. Ka ga ashe ba idon kawu kaɗai ne da laifi ba. Ja mai kyau a kan kore irin na tuta, wanda masu haɗa fostar Maulidi da na biki ke so ƙwarai, shi ma bai kai 1.5 ba, ga shi kuma akwai mutanen da tun haihuwa ba sa bambance ja da kore sosai. Amma wannan ruwan zinaren dai, idan ka ɗora shi a kan kore mai duhu, `#006400`, sai ya haura 5. Wato ba a hana ka launin da kake so ba, bayansa kawai za ka canza.

A bidiyo akwai wata matsalar da fosta ba ta da ita: bayan rubutun yana motsi. Farin rubutu na iya fitowa tsaf a kan baƙar rigar mai magana, sai ya juya, ko kyamara ta koma kan bango mai farin fenti, rubutun ya ɓace. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa wa rubutun baƙar tabarma a bayansa, wato ɗan akwati baƙi da ke biye da layin, fari a kansa. Manhajojin haɗa bidiyo na waya irin su CapCut suna da wurin saka wannan a sashen rubutu. Kada a bar akwatin ya zama shara-shara har ana hango hoton ta cikinsa sosai. Sannan a guji haruffa masu lanƙwasa irin na katin biki. Haruffa miƙaƙƙu, masu ɗan kauri, su ne ido ke kamawa da sauri. Kuma kafin a yi nisa, a rubuta “ƙarfe”, “ɗaya”, “ɓera” a gwada, domin wasu nau'in haruffan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan murabba'i ya fito a wurinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban da ta 'yan uwansa.

Daga nan muka koma kan rubuta maganar kanta a ƙasan bidiyo. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don suna zaton aikin shi ne kwafe magana a zuba. Mai karanta rubutun bidiyo yana yin aiki biyu lokaci ɗaya, yana karatu yana kuma kallon fuska da hannun mai magana. Idan ka cika masa allo da layi huɗu, sai ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Shi ya sa gidajen da suka daɗe a wannan sana'a ba sa wuce layi biyu a lokaci guda, kowane layi bai wuce haruffa 37 zuwa 42 ba a faffaɗan allo. Bidiyonmu kuwa a tsaye yake, irin na Status, don haka muka tsaya a wajen haruffa 25 a layi, don mu samu damar ƙara girman rubutun.

Sai batun lokaci. Kamfanonin fina-finai kan lissafa haruffa 17 zuwa 20 a daƙiƙa ga babban mutum da ya saba karatu. Ni dai a ganina wannan ya yi wa mutanenmu sauri, domin mafi yawanmu a nan Gana mun iya Hausa a baki, amma ba mu koyi karanta ta a aji ba. Sai muka ɗauki haruffa 13 a daƙiƙa. Ga jimlar da ta fi muhimmanci a bidiyon: “Za a yi gwajin ido kyauta ranar Asabar, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana, a filin makarantar unguwa.” Mun yanka ta gida uku. Kashi na farko haruffa 38 ne, ya samu daƙiƙa 3. Na biyu 35, shi ma daƙiƙa 3. Na uku 26, muka ba shi daƙiƙa 2 da rabi. Idan aka rubuta su a fayil ɗin da ake kira SRT, biyun farko haka suke:

```
1
00:00:04,000 --> 00:00:07,000
Za a yi gwajin ido kyauta
ranar Asabar,

2
00:00:07,100 --> 00:00:10,100
daga ƙarfe 8 na safe
zuwa 2 na rana,
```

Ku lura da inda aka yanka. Ba a raba “ƙarfe” da “8” ba, ba a raba “ranar” da “Asabar” ba. Ana yankawa ne inda mutum zai ja numfashi in yana magana. Idan ka bar “ba” ta ƙarshen kore magana ta faɗa kashi na gaba, misali “ba za a karɓi kuɗi” a yanzu, “ba” ɗin kuma sai bayan daƙiƙa biyu, ka sa mai karatu ya yi tuntuɓe a banza. Kuma rubutun ya fito daidai lokacin da bakin ya fara motsi. Mai raunin ji da yawa yana haɗa ɗan abin da yake ji da motsin leɓe da rubutu, in rubutun ya makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ukun su riƙa faɗa da juna.

A nan muka ci karo da wata gaskiya: yaron namu ya faɗi wannan jimlar cikin daƙiƙa 5, mu kuwa muna buƙatar kusan 9. Ba mu matse rubutun ba, sake ɗaukar maganar muka yi, ya rage gudu. Idan ba za a iya sake ɗauka ba, ana iya rage kalmomin cika baki irin su “to”, “wato”, “ka gane”, amma ba a taɓa rana, wuri, kuɗi ko suna.

Rubutun kurma kuma ya wuce kalmomi kawai. Idan mutum biyu ke magana, ɗaya ba a ganinsa, a rubuta wa ke magana, misali a sa “Likita:” a farkon layin. Idan wani sauti yana da ma'ana, a faɗe shi. A bidiyon taro, in mai jawabi ya tsaya cak saboda an fara kiran salla, wanda ba ya ji zai ga mutum ya yi shiru kawai, zai zaci wayarsa ce ta tsaya. Kalma biyu, “kiran salla”, sun isa su warware masa.

Akwai hanya biyu ta saka rubutun, kuma ya kamata a san bambancinsu. YouTube da Facebook suna karɓar fayil ɗin SRT daban, mai kallo ya kunna ko ya kashe, har a sa harshe fiye da ɗaya. In za a yi haka, a ajiye fayil ɗin da tsarin `UTF-8`, in ba haka ba ƙ da ɗ za su rikiɗe su zama tarkacen alamomi. Amma bidiyonmu na zango yawanci daga waya zuwa waya yake yawo, kuma da zarar wani ya sauke shi ya tura a WhatsApp, wancan fayil ɗin ya tsaya a baya. Don haka ga sanarwa, a manna rubutun a jikin hoton kansa, yadda ko ina ya je suna tare. A ɗaga shi sama kaɗan daga gindin allo, domin a Status da TikTok akwai rubutu da maɓallan manhaja da ke rufe ƙasan.

Yanzu ga abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: “Malam, kurman namu suna karanta Hausa ne?” Da yawa ba sa yi. Yaron zango da aka haifa kurma, ko ya kurumce yana ƙarami, in Allah ya sa an kai shi makarantar kurame irin ta Mampong-Akuapem, da maganar hannu ta Gana da Turanci ya yi karatu. Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantunmu. Ɗiyar maƙwabcin nan tamu Turanci take rubuta wa mahaifiyarta a waya, ƙaninta ya fassara. Dattijon da ji ya bar shi da tsufa kuma, wataƙila allo ya yi, ajami ya fi masa boko. Saboda haka rubutun Hausa a ƙasan bidiyo yana amfanar wani kashi ne: wanda ya iya boko sannan jinsa ya ragu, da wanda ke cikin mota ko kasuwa ba ya iya kunna sauti. Wannan kashin ba ƙarami ba ne, amma ba shi ne kowa ba.

Abin da muka yi shi ne muka fitar da bidiyon kala biyu, murya ɗaya, ɗaya da rubutun Hausa, ɗaya da na Turanci. Tunda an riga an auna lokutan, na biyun bai ci minti ashirin ba. Ban yarda a jera harsuna biyu a allo ɗaya ba, don layi huɗu ke nan, mun koma gidan jiya. Kuma in sanarwar ta shafi rai da lafiya, kamar ɓarkewar cuta, to a nemo mai maganar hannu a ɗauke shi, a ba shi wuri babba a allon, a ga fuskarsa da hannayensa duka, domin a maganar hannu fuska ma tana magana. Ɗan tagar da ake maƙale shi a kusurwa kamar kan sarki, a allon waya ba ta da amfani.

Saura kawu da ire-irensa. A fina-finai, abin da ake yi wa makafi shi ne a ɗauki wata murya ta daban da ke bayyana abin da ke faruwa a ɗan shirun da ke tsakanin maganganu: wa ya shigo, me ya ɗauka, me aka rubuta a allo. Wannan aiki ne na musamman, yana buƙatar rubutu da auna lokaci. Amma ga sanarwar minti ɗaya akwai hanya mafi arha, wato mai magana ya faɗi komai da bakinsa tun farko. Duk inda ka ji kanka za ka ce “wannan”, “nan”, “kamar yadda kuke gani”, tsaya, ka ambaci sunan abin. Maimakon “ku zo da wannan”, yaron ya ce “ku zo da katin inshorar lafiya, da tabaraun da kuke sawa, da duk maganin da kuke ɗigawa a ido”. Maimakon nuna taswira, ya ce “filin makarantar da ke bayan babban masallaci, ƙofar da ke kallon titi”. Ya kuma fara da faɗin ko shi wane ne da sunan waɗanda suka aiko shi, tunda makaho ba ya ganin tambarin da ke kan rigarsa.

Lambar waya ita ce ta fi wahala. Lambobinmu goma ne. A karanta su kashi uku, uku, uku, huɗu, da ɗan tsayawa tsakani, sannan a maimaita. A lokaci guda su tsaya a allo da manyan haruffa har a gama karantawa ta biyu. Wannan ya ƙara wa bidiyonmu kusan daƙiƙa 15. Wani cikin yaran ya ce bidiyo ya yi tsawo, mutane za su wuce. Na ce masa wanda ido ke damunsa ba zai wuce sanarwar gwajin ido ba, kuma shi muke nema.

Idan bidiyon yana nuna yadda ake yin wani abu ne, misali yadda ake ɗiga magani a ido, to shiru bai isa a cusa bayanin ba. Sai a tsayar da hoton cak, murya ta ce, “ya ɗaga kai sama, ya ja fatar idon ta ƙasa da yatsa, ya ɗiga ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba”, sannan hoto ya ci gaba. A faɗi abin da ake gani kawai, a bar sharhi.

Kiɗan kuma mun kusa cire shi gaba ɗaya. Mai raunin ji ba ƙarancin ƙara ce kaɗai matsalarsa ba, rarrabe murya daga hayaniya ne ke ba shi wuya, shi ya sa dattijo zai ji ka tsaf a ɗaki amma a wurin biki ya kasa. Ƙa'idojin da na ambata suna so sautin baya ya yi ƙasa da murya da desibel 20, wato a kunne kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta. A aikace, ja ma'aunin kiɗan ƙasa har sai ka kusa manta yana nan, in aka zo kan rana da lamba kuma ka kashe shi.

Abu na ƙarshe da muka ƙara ko minti ɗaya bai ci ba. Makafi masu amfani da wayar zamani suna da manhajar da ke karanta musu abin da ke allo, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Tana karanta saƙon da aka buga, amma rubutun da aka manna a cikin bidiyo a wurinta hoto ne kawai. Don haka muka bi bidiyon da saƙon rubutu gajere: me za a yi, yaushe, ina, lamba. Da wannan makaho zai iya danna lambar ya kira kai tsaye, ba sai ya haddace ba.

Ta yaya za ka san ka yi daidai? Gwaji uku ne, kuma kada kai da ka haɗa bidiyon ka yi su, don kai ka riga ka san amsar. Ba wani wayar ka kashe sauti, in ya gama ka tambaye shi me, yaushe, ina. Ba wani daban ka kifa wayar ya saurara kawai, ka yi masa tambayoyin nan. Sannan ka fita tsakar rana ka rage hasken allo zuwa rabi, ka miƙe hannu ka karanta. A gwajinmu na farko, wanda ya saurara kawai ya kawo komai sai dai bai san wace Asabar ba, domin kwanan watan a rubuce kaɗai yake. Muka koma muka ƙara shi a baki. Da ba mu gwada ba, da mun sake yi wa kawu irin ta farko.

Gana tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2006, wadda ake kira Act 715, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2012. Amma babu jami'in da zai zo ya duba bidiyon ƙungiyar matasa ko na kwamitin masallaci. Wanda zai iya dubawa shi ne mai riƙe da zauren WhatsApp na unguwa, da sakataren sarkin zango, da duk wanda ake kai wa sanarwa ya watsa. Su nake roƙo: kafin ku tura, ku kalla sau ɗaya babu sauti, ku saurara sau ɗaya babu kallo. In wani abu ya ɓace, ku mayar wa mai shi ya gyara.

Yaran sun ce za su sake shirya gwajin bayan damina. Na tura wa kawu sabon bidiyon don ya gwada mana. Ya kira ni da daddare, ya karanto min lambar da ka, bai kuskure ko ɗaya ba, sannan ya tambaya ko za a samu kujera a inuwa, don ƙafarsa ba ta son dogon tsayi.